Darasin wannan fitowa: Kada a haɗa tsohon batir da sabo

'Yan'uwa, akwai wata al'ada da yawancinmu muke yi don tattalin kuɗi. Idan tocila mai cin batir uku ta fara dushewa, sai a sayi sabo ɗaya ko biyu, a bar sauran tsofaffin a ciki. Mai sola kuma idan ya samu ɗan abin hannu, sai ya aika Kasuwar Dembe a N'Djamena a sayo masa sabon batir, ya jona shi da wanda yake amfani da shi shekara biyu. Niyyar mai kyau ce, amma asara take jawowa. A duk inda batura suke aiki tare, mafi rauninsu ne yake yanke wa sauran kwana.

Abin da yake faruwa a cikin tocila

A cikin tocila da rediyo, batura suna jere ne, kan wannan a gindin wancan. Wutar hanya ɗaya gare ta, dole ta ratsa ta cikin kowane batir kafin ta kai ga ƙwan fitila. Saboda haka abin da aka ja daga sabo, shi ake ja daga tsoho, babu rangwame.

Sabon batir yana ba da bolt 1.5, uku kuma 4.5 ke nan. A ce biyu sababbi ne, ɗaya ya riga ya ci rabin ƙarfinsa. Tsohon zai ƙare tun sababbin suna da sauran rabi. Da ya ƙare sai ya zama kamar toshewa a bututun ruwa, haske ya ragu, mai tocila ya ɗauka duka ukun sun mutu ya zubar da su. An yi asarar rabin kuɗin sababbin ke nan.

Idan aka ci gaba da kunnawa, abin ya fi haka muni. Sababbin suna tura wuta ta cikin mataccen da ƙarfi, ta hanyar da ba a yi shi don ya karɓa ba. Iska tana taruwa a cikinsa, ya yi ɗumi, daga baya ya fara yoyo. Farin garin nan da kuke gani a bakin batir da kan ƙarfen tocila, daga nan yake fitowa. Yana cinye ƙarfen, yana ƙona fata, kuma haɗari ne ga ido da bakin yaro. Tocilar da mace ko yaro suke dogara da ita don zuwa bayan gida da dare bai kamata ta mutu a tsakiyar hanya ba.

Batirin sola: lissafi da misali

Mu ɗauki mai shagon cajin waya da yake da batura biyu a jere, don su ba shi bolt 24. A jikin kowanne an rubuta 12V 100Ah. Lambar farko ƙarfin turawa ce, ta biyu kuma yawan wutar da batirin yake iya ajiyewa, kamar girman randa. Ɗaya sabo ne, yana ɗaukar 100 ɗinsa cif. Ɗayan ya tsufa, a ce yanzu 60 kawai yake ɗauka, ko da yake rubutun jikinsa bai canza ba.

Da dare an ja 40 daga cikinsu. Sabon ya ba da 40 cikin 100, bai kai rabi ba, lafiyarsa lau. Tsohon ya ba da 40 cikin 60, wato kashi biyu cikin uku. Irin wannan batir mai dalma a ciki ba ya son a riƙa sauke shi ƙasa da rabi, don haka kowane dare tsohon yana ƙara lalacewa.

Da rana sai matsalar ta koma kan sabon. Na'urar da take kula da caji ba ta ganin kowane batir daban, jimlarsu kawai take gani. Tana tsayar da su a wajen bolt 28.8, da zaton kowanne ya samu 14.4. Amma tsohon batir yakan yi saurin nuna kamar ya cika. Yana iya hawa 15.2, sabon yana 13.6, jimla ta cika 28.8, na'ura ta rage wuta. Tsohon yana tafasa, ruwansa yana ƙonewa, sabon kuma bai ƙoshi ba. Batirin da yake kwana kullum bai cika ba, wani gishiri mai tauri yana kama farantan cikinsa, kuma idan ya daɗe ba ya narkewa. Haka sabon yake tsufa da wuri.

Masu jona batura gefe da gefe, ja da ja, baƙi da baƙi, don su tsaya a bolt 12, su ma ba su tsira ba. Wannan kamar randa biyu ce da aka haɗa da bututu a ƙasa, ɗaya tana yoyo. Tsohon yana zubar da cajinsa shi kaɗai, sabon yana cike masa giɓin dare da rana, ko da an kashe komai. Zafin ƙasar nan kuma yana ƙara wa abin gudu. A watan Afrilu zafin N'Djamena yana wuce digiri 40, kuma ƙa'idar da masu aikin batir suka sani ita ce, ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanan batir mai dalma da kusan rabi.

Yadda za ku gane mai rauni

Ku cika baturan da caji, ku raba su, ku bar su su huta daga yamma zuwa safe ba a jona musu komai ba. Sannan mai gyara ya auna kowanne da mita. Lafiyayye zai nuna 12.6 ko 12.7. Wanda ya sauka wajen 12.2 ba a yi aiki da shi ba, ba ya riƙe caji. Wanda ya nuna wajen 10.5, ɗaya daga ɗakuna shida na cikinsa ya mutu, a cire shi nan take. Ko babu mita, idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi lokacin caji, ko ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a katse wutar, a fitar da shi waje, nesa da murhu da sigari.

Abin da ya kamata a yi

A tocila da rediyo, ku canza batura duka lokaci ɗaya, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kada ku gauraya na caji, mai bolt 1.2, da wanda ba a caji. Tsofaffin da suke da ɗan saura, ku sa su a agogon bango, wanda yake cin batir ɗaya kuma ba ya jan wuta sosai.

Idan kuɗin batirin sola ɗaya kawai kuke da shi, ku bar sabon ya yi aiki shi kaɗai. Tsohon, in yana da sauran rai, a ware masa ƙaramin aiki kamar ƙwan fitila ɗaya, a riƙa yi masa caji daban. Idan tsarinku na bolt 24 ne, ku yi haƙuri har kuɗin biyu ya haɗu.

Wanda zai saya a Dembe, ya sayi biyun rana ɗaya, girma ɗaya, ya sa mai shago ya auna su a gabansa, lambobin su zo kusan daidai. Ku rubuta ranar saye a jikin kowanne. Mataccen batir kuma kada a fasa shi, kada a jefa shi a wuta ko kusa da rijiya, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. Babban a mayar wa masu sayen tsofaffin batura, ƙananan a tara su a gwangwani mai murfi, a tambayi ma'aikatan tsafta inda za a kai su.