Wanda ƙaninsa ya fi shi, ya bar layi: yadda ake samun lamba mafi girma a kowace taga

Wani ɗalibin ajin ƙarshe a fannin kwamfuta ya aiko mini da tambaya a kan aikinsa na kammala karatu. Ya ce: "Malam, na sa na'urar auna zafi a ɗakin kaji, tana ba ni lamba ɗaya a kowace daƙiƙa. Ina son a kowane lokaci in san zafi mafi tsanani da aka yi cikin awa ɗaya da ta wuce. Abin da na rubuta a Python yana ba da amsa daidai, amma idan na ba shi bayanan wata guda sai in zauna mintuna ina jira. Ina kuskuren yake?"

Ƙanena, lissafinka daidai ne, matsalar ita ce maimaita aiki. Rana ɗaya daƙiƙa 86,400 ce, tagarka ta awa ɗaya kuma tana ɗaukar lamba 3,600. Idan jeri yana da lamba n, faɗin taga kuma k, yawan tagogin shi ne `n - k + 1`, wato 82,801 a rana. Kai kuma kowace taga kana kiran `max` ya bi lambobinta daga farko har ƙarshe. Idan ka ninka, za ka ga kwamfutarka tana duba lamba kusan sau miliyan 298 saboda bayanan rana ɗaya kacal. Alhali tsakanin taga da mai bi mata, lamba ɗaya ce ta fita, ɗaya ta shigo. Sauran 3,599 ɗin ka riga ka gan su daƙiƙa ɗaya da ta wuce.

Da jimilla kake nema, da abin ya zo da sauƙi: ka ɗebe wadda ta fita, ka ƙara wadda ta shigo. Mafi girma ba ya ɗebuwa haka. Duk lokacin da babbar lambar ta fice daga taga, sai ka san wadda za ta gaje ta. Wasu suna riƙe babbar kawai, su sake bincike idan ta fita. Dabarar tana aiki da hantsi, lokacin da zafi ke hawa. Amma da la'asar sakaliya, idan zafi ya yi ta sauka a jere, babbar ita ce kullum mafi tsufa, kowane taki sai ta fita, ka koma gidan jiya.

Ga tunanin da nake son ka riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ɗauki lambobi biyu a cikin taga, wa da ƙani. Wan ya riga shigowa, don haka shi zai riga fita. Idan ƙanin ya kai shi girma ko ya fi shi, to wan nan ba za a sake buƙatarsa ba har abada, domin duk tagar da za ta zo nan gaba ta ƙunshe shi, ta ƙunshi ƙanin nasa ma. Ajiye shi ɓata wuri ne, sai a sallame shi nan take. Amma idan ƙanin ne ƙarami, dole a ajiye shi, domin wata rana wan zai fita, shi kuma ya zama mai jiran gado.

Idan ka bi wannan ƙa'ida, waɗanda suka rage za su jeru da kansu: na gaba ya fi kowa girma kuma ya fi kowa tsufa, na bayansa ya fi shi ƙanƙanta da ƙuruciya, haka har ƙarshen layi. Ana fita ta gaba idan wa'adi ya cika, ana kora ta baya idan babba ya iso, ana kuma shiga ta baya. Shi ya sa ake buƙatar layi mai baki biyu, wanda a Python ake samu da sunan `deque` cikin `collections`.

```python
from collections import deque

def mafi_girma(a, k):
    layi, amsa = deque(), []
    for i, x in enumerate(a):
        if layi and layi[0] <= i - k:
            layi.popleft()
        while layi and a[layi[-1]] <= x:
            layi.pop()
        layi.append(i)
        if i >= k - 1:
            amsa.append(a[layi[0]])
    return amsa
```

Kafin ka kwafa, ɗauki biro mu bi shi da hannu. Lambobinmu su ne 31, 29, 34, 33, 33, 30, 28, 36, a gurbi na 0 zuwa na 7, faɗin taga kuma 3.

Lamba 31 ta shigo layi babu kowa. Sai 29 ta zo, ba ta kai 31 ba, ta tsaya a bayanta. Da 34 ta iso, ta kori 29, ta juya ta kori 31, ta zauna ita kaɗai. Taga ta farko ta cika, amsa 34. A gurbi na 3, 33 ta tsaya bayan 34, amsa har yanzu 34. A gurbi na 4 wata 33 ɗin ta zo. Tunda ta kai 'yar'uwarta girma kuma za ta fi ta daɗewa, sai ta kore ta ta maye wurinta. Layi yana ɗauke da gurbi na 2 da na 4, amsa 34.

A gurbi na 5 ne bakin gaba ya fara aiki. Taga yanzu ta rufe gurbi na 3 zuwa na 5, ita kuwa 34 a gurbi na 2 take, wa'adinta ya ƙare. Ta fita, 33 ta zama ta gaba ba tare da an yi wani bincike ba, 30 ta tsaya a bayanta, amsa 33. Sai 28 ta bi bayan 30, layi ya zama 33, 30, 28, amsa 33. A ƙarshe wa'adin 33 ya cika, 36 kuma ta share 28 da 30. Amsoshin ke nan: 34, 34, 34, 33, 33, 36. Guda shida, daidai da `8 - 3 + 1`.

Na san abin da zai dame ka. Ga `while` a cikin `for`, an kuma koya maka cewa zagaye cikin zagaye shi ne jinkiri. A nan kada ka ƙirga zagaye, ƙirga abin da ke faruwa da kowace lamba. Sau ɗaya take shiga layi, kuma ba ta fita fiye da sau ɗaya, ko ta gaba ko ta baya. Taki ɗaya yana iya korar lamba dubu, amma sai da aka yi taki dubu a baya ana tara su. Saboda haka shiga da fita na rana guda ba za su wuce 172,800 ba, a maimakon miliyan 298. Wannan ne ake rubutawa `O(n)`, kuma layin ba ya taɓa wuce tsawon k. Ko ka mai da tagar ta zama awa shida, lokacin aikin kusan bai canja ba.

Yanzu wuraren da ɗalibai suka fi faɗawa rami. Na farko shi ne ajiye lambar kanta a layi a maimakon gurbinta. Mai yin haka yakan ce: idan lambar da ke barin taga ta yi daidai da ta gaban layi, a cire ta. Gwada shi da misalinmu. A gurbi na 6, wadda ke barin taga ita ce 33 ta gurbi na 3, wadda tuni aka kora. Ta gaban layi 33 ce ita ma, amma ta gurbi na 4, da sauran wa'adinta. Za a cire ta bisa kuskure, amsa ta fito 30 a inda ya kamata ta zama 33. Wannan kuskure yana da ɓoyo, domin ba ya bayyana sai lambobi sun maimaitu, kuma na'urar zafi ta fi komai maimaita lamba. Ana iya gyara shi ta hanyar barin lambobi masu kai ɗaya su zauna tare a layi, amma ni na fi son gurbi, domin shi yake faɗa maka shekarun kowa kai tsaye.

Sauran biyun sun fi saurin kamuwa. Idan ka sa `if` a wurin `while`, 34 za ta kori 29 kaɗai, ta tsaya bayan 31, amsar farko ta fito 31. Idan kuma ka rubuta `layi[0] < i - k` babu alamar daidai, tagarka ta ƙaru da gurbi ɗaya a ɓoye, a gurbi na 5 za ka ga 34 a maimakon 33. Alamarsa ita ce babbar lamba tana ƙara taki ɗaya bayan lokacinta. Kada kuma ka yi amfani da `list` kana kiran `pop(0)`, domin kowane kira sai an matsar da duk sauran lambobin gaba.

Kada ka jefar da tsohon aikinka mai jinkiri, shi ne alƙalinka. Ƙirƙiro gajerun jeri barkatai da lambobi daga 0 zuwa 4 kawai, domin a sami maimaici da yawa, ka ba hanyoyin biyu, ka kwatanta amsa sau dubbai.

```python
assert mafi_girma(a, k) == [max(a[j:j+k]) for j in range(len(a)-k+1)]
```

Ka haɗa da `k = 1`, inda amsa ita ce jerin kansa, da k daidai da tsawon jeri, da jeri mai sauka tun daga farko har ƙarshe, domin shi ne yake cika layi fal.

Akwai abin da ya shafi ɗakin kajinka musamman. Duk lissafin nan ya ɗauka cewa lamba ɗaya tana zuwa kowace daƙiƙa ba fashi. Idan aka ɗauke wuta na minti ashirin, lamba 3,600 na ƙarshe ba awa ɗaya ba ce kuma. Maganinsa, ka ajiye lokacin kowane awo tare da shi, ka cire na gaba idan ya girmi daƙiƙa 3,600. A nan `if` ɗin farko dole ya koma `while`, domin bayan dogon yankewa lambobi da yawa ne wa'adinsu zai ƙare a tare. Haka kuma idan na'urar ta kasa awo ta aiko da `nan`, ka tace shi kafin ya shiga, domin duk kwatancen `<=` da shi `False` yake bayarwa. Ba ya korar kowa, ba a kuma korar sa, sai ya zama katanga a tsakiyar layi ya ɓata jerin.

Idan malaminka ya nemi mafi ƙarancin zafi, juya alamar cikin `while` zuwa `>=`, ko ka riƙe layi biyu a tare. Daniel Lemire ya nuna a 2006 cewa ana iya samun duka biyun da kwatance da bai wuce uku ba a kan kowace lamba. Amma kada ka ɗauki na biyu a layi a matsayin na biyu a girma cikin taga. A tagarmu ta farko 31 ce ta biyu, kuma an riga an kore ta. Layin yana mantawa da gangan, a nan saurinsa yake. Idan ana son lamba ta biyu ko ta tsakiya, sai ka nemi tsarin da ke riƙe duk lambobin tagar a jere bisa girma, ka kuma yarda cewa kowane taki zai ci kamar `log k`.