Haruffa uku a jikin takardar magani: PRN

Darasinmu na wannan fitowa a kan haruffa uku ne da likita kan rubuta a ƙarshen layin magani, wato PRN. Gajartawa ce ta kalmomin Latinanci, pro re nata, ma'anarsu "idan bukata ta taso". Maganin da aka rubuta wa PRN, izini aka ba ka ka sha shi lokacin da ciwon ya motsa. Ranar da ciwon bai zo ba, ka bar shi a ajiye, ba ka tsallake komai ba, kuma babu ramuwa gobe.

Inda mutanenmu ke samun matsala shi ne ɗaukar "idan bukata ta taso" a matsayin "duk sanda na ga dama, ko sau nawa". Izinin yana da iyaka, kuma iyakar tana cikin layin, kafin a kai ga haruffan. A ce wata Hajiya mai ciwon gwiwa ta dawo daga asibiti da wannan rubutu:

```
Tab Paracetamol 1g 6 hourly PRN
```

Giram 1 na farasitamol ƙwaya biyu ke nan, domin ƙwayar da aka saba sayarwa miligiram 500 ce. Lamba 6 ɗin tana nufin tsakanin sha da sha kada ya gaza awa shida. Saboda haka mafi yawan abin da za ta iya sha a awa 24 shi ne sau huɗu, ƙwaya takwas, giram 4. Wannan ne ƙarshen abin da aka yarje wa babban mutum, ba adadin da ake son ta cika ba.

Ran Litinin gwiwa lafiya lau, Hajiya ba ta sha ko ɗaya ba, kuma daidai ta yi. Ran Talata ciwon ya taso da ƙarfe ɗaya na rana, ta sha biyu. Da La'asar ya dawo. Takardar na hannunta, ciwon na nan, amma awa shida ba su cika ba, sai ƙarfe bakwai na dare za ta ƙara. Kafin nan ta miƙe ƙafa ta huta, ta gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Lissafin awa 24 kuwa ba ya sabunta don gari ya waye. Abin da aka sha cikin dare yana cikin ƙirga.

Yanzu a ce mura ta kama ta a makon, jikarta ta sayo mata maganin mura a kemis. Da yawa daga magungunan mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a cikinsu, sunan kwalin ne kawai daban. Panadol ma shi ne. Idan Hajiya ta cika takwas ɗinta sannan ta ɗora na mura, ta wuce iyaka ba ta sani ba. Hanta ce ke ɗaukar wannan nauyi, kuma ba ta nuna wahala da wuri. Ranar farko wataƙila tashin zuciya kawai za a ji, ko ma ba komai. Ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari da ido ya yi rawaya sukan zo ne bayan kwana biyu ko uku, lokacin da ɓarna ta yi nisa. Wanda ya gane ya wuce iyaka ya tafi asibiti a ranar da kwalayen duka, ko da yana jin garau. Mai ciwon hanta, da tsohon da ya rame har nauyinsa bai kai kilo 50 ba, takwas ta yi musu yawa, sai su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Wani lokaci za ka ga PRN tsurarsa, babu awa babu adadi. A ganina wannan rubutu bai cika ba, kada ka bar gaban mai ba da magani sai ya gaya maka don wane ciwo ne, awa nawa tsakani, kuma guda nawa ne ƙarshe a kwana ɗaya. Ya rubuta a jikin ambulan ɗin da lambobi manya. A gida kuma, inda 'ya da suruka ke karɓa-karɓa wajen jinyar tsohuwa, a ajiye takarda kusa da maganin, duk wadda ta ba da shi ta rubuta ƙarfe nawa, don kada a ba ta sau biyu.

Haruffan na layin da aka rubuta su ne kaɗai. Idan a takardar akwai maganin hawan jini ko na suga, shi kullum ake sha a kan lokacinsa ko mutum yana jin lafiya, kada PRN ɗin layin ƙasa ta sa a riƙa jira sai kai ya sara. Idan kuma Hajiya ta ga kwana uku a jere tana cika ƙwaya takwas gwiwar ba ta lafa ba, ta koma wurin likita da takardar lokutan nan a hannu, ya ga sau nawa ta sha.