Neman Mai Gyaran Injin Ban Ruwa: Kira, Saƙo ko Tattaki?

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Gaskiya ne, amma ba kullum ba. Mu ɗauki manomin rani da injin ban ruwansa ya tsaya ranar Litinin, ga tumatir yana fure. Makanike ɗaya ne a garin, kullum yana yawo daga wannan fadama zuwa waccan. In manomin ya biya kuɗin acaɓa ya je shagonsa da hantsi, yaran shago kawai zai tarar. Saboda haka kafin a zaɓi hanya, sai a fara sanin abin da ya sa mutumin yake wuyar samu.

Makanike ba girman kai ne ke hana shi ɗaukar waya ba. Hannunsa ne dumu-dumu da baƙin mai, ga ƙarar inji, ga fadamar da ba sabis. Kira goma da rana asara ne, filashin kuwa ko kallonsa ba zai yi ba. A kira shi sau ɗaya bayan sallar Asuba, kafin ya tsara zirga-zirgar ranar, ko bayan Isha'i. Amfanin kira shi ne a yi tambaya a ji amsa nan take: injin ya ƙi tashi ne, ko yana tashi ba ya jan ruwa? Amsar ce za ta nuna masa kayan da zai riƙo.

Sai dai magana a waya iska ce, mai aiki da yawa yakan manta. Nan saƙo ya fi kira, domin yana nan yana jira. Wani zai ce ai bai iya rubutu sosai ba. To, saƙon murya na WhatsApp ya wadatar, muddin gajere ne: sunanka, inda gonar take, rana da lokaci. Kada a ce "gobe", don in sai Talata ya saurara, gobensa Laraba ce. A ce "Talata, ƙarfe 4, bayan La'asar". A kuma duba alamar da ke gefen saƙon. In guda ɗaya ce, bai shiga wayarsa ba, wataƙila ba shi da data, sai a tura saƙon tes. In biyu ne, ya shiga, amma shiga ba amincewa ba ce. Alkawari bai ƙullu ba sai ya ce "to".

In kwana guda ya wuce shiru, tattaki ya zama dole, domin tumatir ba ya jira. A je ƙofar gidansa da sassafe, ko a tambayi yaransa fadamar da yake. In da hali a ɗora injin a bayan babur a tafi da shi, tunda abu ne mai wuya mutum ya ce "sai jibi" ga inji ajiye a gabansa.