Darasi: Idan Firiji Mai Famfo Yana Yoyo



Firiji mai famfon ruwan sha a jikin ƙofa ya fara shigowa gidajen ma'aikatanmu da masaukin baƙi, yawanci na hannu. Na kwana a wani masauki kusa da Dogon Daji, na tarar matar da ke kula da wurin tana goge ruwa a gaban firiji safe da yamma, ba takalmi. Wannan ya fi ruwan tayar mini da hankali, domin ruwa da lantarki ba sa shiri. Kafin ku taɓa komai, ku cire filogi daga bango, ku rufe famfon da ke ba firijin ruwa.

Da farko ku tabbatar daga ina ruwan yake fitowa. In sai an ɗauke wuta ake ganinsa, yana iya zama ƙanƙara ce ke narkewa. Ku goge ƙasa ta bushe, ku jawo firijin gaba, ku shimfiɗa tsohuwar jarida a baya da ƙarƙashin ƙofa, sannan ku buɗe ruwa. Inda takarda ta fara jiƙewa, nan za a bincika.

Tiyon siriri ne, yawanci kwatan inci. In ɗigon daga mahaɗa yake, noti ne ya saki. A ɗaure da hannu, a ƙara kwatan juyi da sifana. Kada a wuce haka, gama wanda ya matse da ƙarfi yakan fasa shi.

Namu ba noti ba ne. Da na bi tiyon da yatsa, sai na ji tsaga a inda ya lanƙwashe a ƙasan ƙofar firiza. Matar ta ce tun watan jiya famfon yakan ƙi ba da ruwa, sai wuta ta daɗe ba ta dawo ba ya saki. Nan na gane. Saboda zafin bazara an kai sanyin firiza ƙarshe, ruwan cikin tiyo ya daskare. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura, sai ya tsaga robar. Muddin ƙanƙarar tana nan ta toshe tsagar, da ta narke sai yoyo.

Mun bar ƙofar a buɗe har ta narke da kanta. Ban yarda a kawo wuƙa ko tafasasshen ruwa ba. Muka yanke wurin da ya tsage, yanka miƙaƙƙe, muka haɗa da sabuwar mahaɗa mai girma ɗaya. Ɗauri da robar tayar keke ba ya daɗewa, kuma ruwan sha ne. Muka mai da sanyin tsakiya, wato 18 ƙasa da sifiri ga mai lamba, muka zubar da ruwan farko kamar lita 5 don iska ta fita.

In tsagar tana can cikin jikin ƙofa, ko ruwa ya taɓa waya, ku bar filogin a cire, ku kira mai gyaran firiji daga Tambuwal ko Sakkwato.