Yadda ake rubuta wa shugaba takardar neman sauka daga aikin kwana saboda rashin lafiya

Yawancin takardun nan suna mutuwa ne a aljihun tebur, kuma ba don shugaba mugu ne ba. Mai rubutu yakan cika shafi biyu da kuka, ya bar shugaba bai san abin da ake so ya sa wa hannu ba. Mai tsara jadawalin aiki, ko a asibiti yake kamar Babban Asibitin Kankia, ko gidan mai a bakin titin Kano zuwa Katsina, ko kamfanin masu gadi, tambaya ɗaya ce a ransa: in na cire ka, wa zai kwana? Takardarka ita za ta sauƙaƙa masa amsar.

A ce kai ma'aikacin lafiya ne a Kankia, gidanka a Kusada, kana karɓa-karɓa tsakanin aikin safe da na yamma da na kwana, ga hawan jini ya sa ka gaba. Da wannan misali za mu tafi.

Kafin ka ɗauki biro, ka sayi ƙaramin littafi. Wata guda kana auna jininka safe da yamma, kana rubuta kwanan wata, da awon da ya fito, da irin aikin da ka yi a ranar, da awa nawa ka samu barci. Jinin mutum yakan sauka da dare in yana barci, mai kwana a tsaye kuwa yana rasa wannan hutun, kuma karɓa-karɓa ta fi wahalar da jiki domin kafin ya saba da wani lokaci an juya masa. In littafin ya nuna makon safe kana ƙasa da 140/90, makon kwana kuwa kana haurawa duk da kana shan maganinka, ka samu hujjar da ta fi rantsuwa. Mai ciwon sukari ya rubuta daren da ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi saboda lokacin abinci da na magani sun rikice. Mai farfaɗiya ya rubuta ranar da abin ya tashi da barcin da ya samu kafin nan.

Sai takardar likita, kuma a nan ne abin yake lalacewa. Ka je wurin likita mai rajista, wanda yake duba ka kuma fayil ɗinka yake hannunsa, zai fi kyau a asibitin gwamnati. Takardar kemis ko ta abokinka da ke ɗakin gwaji ba ta zuwa ko'ina, kuma in aka gane ta alfarma ce ka zubar da mutuncinka a banza. Ka ba likitan littafinka, ka roƙe shi ya rubuta abu uku a fili: cewa kana iya aikinka na rana cikakke, cewa aikin kwana ne yake dagula maka lafiya, da tsawon lokacin da yake so a ɗauke maka shi, misali wata shida sannan a sake dubawa.

Ka karanta takardar tun kana gabansa. In ya rubuta "yana buƙatar hutu" kawai, za a ba ka 'yan kwanaki ka dawo ka tarar da sunanka a layin kwana. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci albashin hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara in likita ya shaida, to amma kai ba hutu ka zo nema ba. Mafi haɗari shi ne ya rubuta cewa ba ka iya aiki, ba tare da ya ambaci dare ba. A aikin gwamnati irin wannan lafazi yana iya kai ka gaban kwamitin likitoci a fara maganar ritaya, a kamfani kuwa yana iya zama hujjar sallama. Kada ka ji nauyin cewa, "Likita, don Allah a ƙara mini cewa ina iya aikin rana." Ya sa hannu, da kwanan wata, da hatimin asibiti. Ba dole sai an zayyana duk cutarka ba, domin takarda tana bi ta hannaye da yawa.

Daga nan ka samu shugabanka na kusa ka faɗa masa da baki. Ba ya son ya fara jin labarin daga sama.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Ka rubuta wa mai ikon yanke hukunci, amma ta hannun shugaban sashenka, domin a aikin gwamnati tsallake shi laifi ne, kuma ana iya dawo maka da ita saboda wannan kaɗai. Ga yadda cikinta zai kasance:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a sauke ni daga aikin kwana a mai da ni aikin safe da na yamma na tsawon wata shida, daga jadawalin wata mai zuwa. Likitan da ke duba ni ya tabbatar da cewa aikin kwana yana dagula mini lafiya, amma ina iya aikin rana cikakke. Kwafin takardarsa yana haɗe da wannan. A madadin kwanan da za a ɗauke mini, a shirye nake in riƙa karɓar aikin yamma na Asabar da Lahadi da ranakun hutu. In wa'adin ya cika zan kawo sabon bayanin likita. Na gode."

Sai sunanka, da lambar fayil, da sashe, da sa hannu. In ofishinku da Turanci ake rubutu, ka fara tsara ta haka da Hausa, ka sa a juya maka, amma ka tsaya a kan mai buga ta a shagon kwamfuta. Suna da al'adar cusa manyan kalmomin da ba ka ce ba.

Jimlar madadin nan ita ce ƙashin bayan takardar. Abokan aikinka ne za su ɗauki kwananka, kuma wanda ke karɓar Asabar da ranar Sallah ba a cika yi masa ƙorafi ba. In ka samu wanda ya yarda ku yi musaya, ka sa sunansa, amma sai ya amince ya sa hannu. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a rubuta "ai wance ma an cire ta". Ka jawo wa baiwar Allah magana, ka kuma mai da roƙonka ƙara. Haka nan nisan Kusada da tsadar man babur gaskiya ne, amma ba a wannan takarda ba, don kada a ce sauƙi kake nema. Kada kuma ka yi barazana da doka. Yarjejeniyar aikin dare ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 171 ta 1990, ta ce wanda likita ya shaida ba ya iya aikin dare a mai da shi aiki makamancinsa in da hali. Wannan hujja ce mai kyau a bakin wakilin ƙungiyarku in magana ta yi nisa, ba abin da za ka buɗe takarda da shi ba.

Ka tambaya tun da wuri ko sauka daga kwana zai taɓa alawus ɗinka, ka yi lissafin gida da abin da zai rage.

Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan ka ajiye a gida. Asalin takardar likita ya zauna a hannunka sai in an nema. Ka miƙa aƙalla mako biyu kafin a fitar da sabon jadawali, domin in an riga an liƙa shi a bango sai wani watan. Kafin amsa ta fito a rubuce, kada ka ƙi zuwa kwananka a kan gaban kanka. Za a rubuta maka fashin aiki, maganar lafiya ta koma ta ladabtarwa. In jikin ya ƙi a wani dare, ka je a duba ka a ba ka takardar hutu ta ranar. In mako biyu ya wuce shiru, ka rubuta tunatarwa ta layi uku ka ambaci ranar da aka karɓi ta farko, ka kuma kai kwafi ga wakilin ƙungiyar ma'aikata ta wurinku.