Darasin Tafiyar da Ma'aikata: Yadda Ake Sanar da Matakin da Ba Zai Yi wa Ma'aikata Daɗi Ba

A ranar 29 ga watan Mayun 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a cikin jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Jimla ce gajeriya, ba ta zo da ranar fara aiki ko sabon farashi ba. Kafin gari ya waye layuka sun cika gidajen mai, kuma bayan kwana biyu kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi, inda lita ɗaya a Maiduguri ta koma naira 557, alhali a da ba ta kai naira 200 ba a gidajen man kamfanin. Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara kan dacewar cire tallafin, kuma ba wannan ne batunmu ba. Abin da ya shafi mai kamfani shi ne, sanarwar da ta bar tambayoyi a buɗe, jita-jita ce ke amsa su. Haka abin yake a ƙasa baki ɗaya, haka kuma yake a masana'antar da ba ta wuce mutum ashirin ba.

Domin darasin ya fito fili, bari mu ƙaddara wani injin casar shinkafa a Khaddamari, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, yankin da aka sani da noman shinkafa. Misali ne kawai, kuma ban da farashin mai, sauran alƙaluman namu ne. Injin yana da ma'aikata ashirin da ke zaune a cikin Maiduguri, kuma shekara da shekaru motar kamfani ce ke ɗauko su da safe ta mayar da su da yamma kyauta. Motar tana shan lita 20 a rana, kwana 26 a wata, wato lita 520. A kan naira 200, kuɗin mai naira 104,000 ne a wata. A kan naira 557 ya zama naira 289,640. Mai injin ya yanke shawarar ajiye motar, ya riƙa ba kowane ma'aikaci naira 6,000 a wata kuɗin mota, jimla naira 120,000. To amma ma'aikacin da zai shiga motar haya, a ce naira 500 zuwa da dawowa, zai kashe naira 13,000 a wata. Ke nan naira 7,000 za ta riƙa fita daga aljihunsa. Babu lafazin da zai sa wannan labari ya yi daɗi, kuma wanda ya zauna rubuta sanarwa da nufin sa shi ya yi daɗi ya riga ya kauce hanya.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai a fara buɗe takardar ɗaukar aiki. Idan motar alheri ce da mai injin ke yi don ganin dama, yana da ikon janye ta. Idan kuwa an rubuta ta cikin sharuɗɗan aiki, magana ta canja. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba leburori da ƙananan ma'aikatan ofis sharuɗɗan aikinsu a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma idan wani sharaɗi ya canja ya sanar da su a rubuce, kada ya wuce wata guda bayan canjin. Sai dai sanarwa daban, yarda daban. Sharaɗin da aka ƙulla da mutum ba a warware shi da takardar da aka manna a bango, kuma irin wannan saɓani ne ke kai mutane gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A nan abin da ake bukata tattaunawa ce da sa hannu. Mu ɗauka dai a misalinmu motar ba ta cikin sharuɗɗan.

Ga irin rubutun da aka saba gani a allon sanarwa: "Sakamakon halin da ƙasa ke ciki, hukumar gudanarwa ta ga ya dace a yi wasu gyare-gyare a harkar sufuri domin amfanin kowa da kowa. Ana fatan ma'aikata za su ba da haɗin kai. Duk wanda aka samu yana tayar da fitina zai gamu da hukunci."

Wanda ya rubuta wannan yana jin ya yi ladabi, amma a duba abin da ma'aikaci ya samu a ciki. Bai san ko motar ce za a ajiye ko lokacin tashinta za a canja ba. Bai san yaushe ba. An ce domin amfanin kowa ne, alhali shi ne zai yi asarar naira 7,000, kuma ranar da ya gano haka zai ɗauka an yi masa wayo. "Hukumar gudanarwa" a wurin da kowa ya san mutum ɗaya ne ke yanke hukunci ɓuya ce a bayan labule. Jimlar ƙarshe kuwa ita ta fi ɓarna, domin ta tuhumi mutanen da ba su riga sun yi komai ba. Wasu masu kamfanoni suna zaton barazana ce ke nuna ƙarfin shugabanci. A ganina tsoro take nunawa.

Yanzu ga yadda za a iya rubuta ta:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga dukkan ma'aikata. Daga ranar Talata, 1 ga Agusta, 2023, motar kamfani za ta daina jigilar ma'aikata tsakanin Maiduguri da Khaddamari. A madadinta, kowane ma'aikaci zai riƙa karɓar naira 6,000 a wata kuɗin mota, tare da albashinsa. Dalili shi ne kuɗin man motar ya tashi daga kimanin naira 104,000 zuwa naira 289,640 a wata, kuma cinikin injin bai ƙaru ba. Ni na yanke wannan shawara. Na san naira 6,000 ba za ta biya kuɗin motar wata ba, kuma na san canjin zai yi muku nauyi. Albashi da abincin rana suna nan yadda suke, kuma ba a sallami kowa ba saboda wannan mataki. Ajiye motar an riga an yanke shi. Abin da ban yanke ba shi ne lokacin fara aiki da safe, kuma ina son jin ra'ayinku a kansa ranar Alhamis bayan sallar La'asar. Zan sake duba adadin kuɗin motar a ƙarshen watan Oktoba, in gaya muku abin da na gani."

Mai karatu zai lura cewa hukuncin ya zo a jimlar farko bayan sallama. Al'adarmu ta magana takan so a yi doguwar shimfiɗa kafin a faɗi abu mai nauyi, kuma a zaure wannan ladabi ne. A takarda kuwa, ma'aikacin da ya ga sakin layi biyu na yabo da godiya zuciyarsa za ta tafi kan mafi muni, wato kora, kuma ba zai ji sauran bayanin ba. Girmamawar tana cikin sallama, da kiran mutane da "ku", da ba su lissafin da za su iya bi da kansu. Direban motar ya san litar da take sha, saboda haka kada a ƙara ko lita ɗaya a kan gaskiya. Ƙarin gishiri kaɗan ya isa ya rushe takardar duka. Shi direban kuma, da yake aikinsa ne ya fi shiga haɗari, a kira shi shi kaɗai tun kafin sanarwa a gaya masa inda za a mayar da shi.

Rashin ɗaukar ɓangare a lafazi yana nufin a ambaci abu da sunansa ba tare da yabo ko zargi ba. A ce "za a daina", kada a ce "za a inganta". Kada a dora laifin kan gwamnati da kalaman siyasa, domin a cikin mutum ashirin akwai magoya bayan kowace jam'iyya, kuma farashin lita ya isa hujja. Kada kuma a fake da cewa wasu ma'aikata suna makara ko suna ɗauko 'yan'uwansu a motar. In akwai wannan matsala, a yi maganinta daban da waɗanda abin ya shafa. Cusa ta cikin sanarwa yana mayar da matakin kuɗi ya zama horo, ya kuma haɗa ma'aikata faɗa da junansu.

Wurin da ya fi wuya shi ne raba abin da aka yanke da abin da ake neman shawara a kai. Mai injin da ya ce "ku ba ni shawara" kan abin da ya riga ya gama zai ji shawarar da ba zai bi ba, kuma ba za a sake ba shi wata ba. Amma lokacin fara aiki tambaya ce ta gaske: wanda zai tsaya jiran motar haya ba zai iso ƙarfe bakwai kamar da ba, kuma ma'aikatan sun fi mai injin sanin hanyar.

Haka nan alkawari. Sanarwar ta ce za a sake duba adadin, ba ta ce za a ƙara ba, ba ta kuma ce motar za ta dawo idan al'amura suka daidaita ba. Hikimar wannan ta bayyana da wuri, domin a tsakiyar watan Yulin 2023 farashin lita ya sake tashi ya haura naira 600. Wanda ya yi alkawarin dawo da mota a farkon watan da ya zama maƙaryaci ba da niyya ba.

Sai batun lokaci da baki. Babbar Sallah ta 2023 ta kama ranar 28 ga Yuni, kuma faɗin irin wannan labari a jajibirin sallah rashin tausayi ne, ko da lissafi ya yi daidai. Litinin 3 ga Yuli ta fi dacewa, ta kuma ba mutane kusan wata guda su shirya. A tara kowa a lokaci ɗaya, mai injin ya faɗa da bakinsa, sannan a raba takardar. A Jere, inda ake jin Barbarci da Larabcin Shuwa ban da Hausa, kuma ba kowane lebura ke karanta boko ba, a nemi wanda ma'aikata suka amince da shi ya maimaita bayanin da harshen da suka fi ji, a gaban mai injin, don kada tafinta ya sassauta ko ya tsananta. Shugabannin aiki a gaya musu da safiyar ranar, ba mako guda kafin nan ba, domin zancen da ya kwana a bakin mutum uku ya riga ya isa kasuwa.

Ana gane sanarwa ta isa inda ake so daga irin tambayoyin da suka biyo baya. Idan ana tambayar ko kuɗin motar zai zo a hannu ko ta banki, ko wanda ya tafi hutu zai samu, to an fahimta, ko da ana fushi. Idan kuwa ana tambayar ko za a rufe injin, ko wa za a fara kora, akwai giɓin da takardar ta bari, sai a cike shi a ranar. Shiru shi ya fi bukatar lura. A inda ma'aikaci ke jin nauyin musa wa maigida a bainar jama'a, "to, Allah ya sa haka ya fi alheri" ba amincewa ba ce. Amsar takan fito ne a rajistar zuwa aiki ta makon farko na Agusta, da yawan masu neman rancen albashi kafin tsakiyar wata, kuma waɗannan alƙaluma biyu ne mai injin zai ajiye a gabansa ranar da zai sake duba naira 6,000 ɗin a ƙarshen Oktoba.