Sokewa, dakatarwa da rufewa ba abu ɗaya ba ne

'Yan'uwa ɗalibai, duk shekara idan jarrabawar kammala sakandare ta gabato, sai mu ji 'yan aji shida suna cewa za su rufe Facebook har sai an gama. Niyyar ta yi kyau, amma yawancinsu dakatarwa suke nufi.

A shafin Facebook zaɓi biyu ne a jere. Deactivate account shi ne dakatarwa: shafinka zai ɓuya, amma hotunanka da abokanka suna nan a ajiye, kamar kwale-kwalen da aka ɗaure a bakin ruwa. Ranar da ka sake shiga da lambar sirrinka, komai zai dawo. Nan ma rauninsa yake, domin shiga sau ɗaya "don a leƙa kawai" ta isa ta farkar da shi.

Delete account kuwa rufewa ce ta dindindin, kuma kwana 30 kawai ake ba mutum ya sauya shawara. Mu ɗauka wata ɗaliba daga Ngaski ta danna shi ranar 1 ga Mayu, tana tunanin dawowa a ƙarshen Yuni. Wa'adinta zai cika ne a ƙarshen Mayu, tana tsakiyar rubuta takardu. Idan ta dawo a Yuni, hotunan bikin Rigata na Yauri da ta tara sun tafi, babu mai dawo mata da su. Da ta shiga kafin wa'adin, da ta ga Cancel deletion, ta danna, asusun ya tsira.

Kun lura da Cancel ɗin nan? Ba asusun ya soke ba, umarnin gogewa ya soke. Shi ya sa muke cewa kada a karanta wannan kalma ita kaɗai, a duba wadda ke biye da ita. Cancel subscription yana tsayar da biyan kuɗi na gaba, asusun kuma yana nan, galibi har ka cinye kwanakin da ka riga ka biya. Amma idan akwati ya fito yana tambaya ko ka tabbata, Cancel da ke ƙasansa na nufin "na fasa". Da yawa nan suke dannawa su tafi da murna, wata na zagayowa a sake cire musu kuɗi. Cire manhaja daga waya ma ba ya soke biya.

A saƙon tabbatarwa, kalma uku muke nema. Temporary na nufin za a iya dawowa. Permanently na nufin babu dawowa. Scheduled na nufin an sa rana amma ba a aiwatar ba tukuna, don haka a nemi kwanan watan, a rubuta shi a bayan littafi, a kuma ɗauki hoton allon. Idan babu saƙon da ya fito ko kaɗan, a koma cikin Settings a duba, domin mai yiwuwa umarnin bai shiga ba, musamman inda sabis ke yankewa.